Fassara Baitin Farisanci Zuwa Turanci: Hoton Za a Ceto, Ko Kari da Amsa-amo?

Duk wanda ya zauna zai mayar da baitin Farisanci cikin Turanci, ba ya jimawa zai gane cewa ba zai tsira da komai ba. Baitin yana ɗauke da kaya uku: hotunan da mawaƙi ya jera, karin da kalmomin ke tafiya a kai, da amsa-amon da ke ƙulle ƙarshen ɗango. Turanci yana iya karɓar ɗaya cikin sauƙi, biyu da ƙyar, uku kuwa sai in an yi dace. Hanyoyin da masu fassara suka bi tun daga ƙarni na 18 za a iya tattara su gida huɗu, kuma hanya mafi sauƙi ta gane bambancinsu ita ce a aza su duka kan baiti guda.

Baitin da za mu auna da shi na Hafiz ne, mawaƙin birnin Shiraz na Iran da ya rayu a ƙarni na 14, kuma shi ne mabuɗin wata gazal tasa, wato gajeriyar waƙar soyayya, mai baiti tara:

*Agar an Turki Shirazi ba dast arad dili ma ra*
*Ba hali Hinduyash bahsham Samarƙandu Buhara ra*

Ma'anarsa a Hausa: in wannan Baturken na Shiraz ya riƙi zuciyata a hannu, to saboda baƙin ɗigon nan nasa na Bahindiye zan ba da Samarkand da Buhara.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko shi ne farashi, ba na kuɗi ba, wato abin da baitin ke biya kafin ya shiga Turanci. Ana iya ƙirga wannan. A baitin nan akwai kalmomi takwas masu ɗauke da hoto: Baturke, Shiraz, hannu, zuciya, ɗigo, Bahindiye, Samarkand, Buhara. Ba zube suke ba. A al'adar waƙar Farisa, Baturke shi ne fari, kyakkyawa, mai mulki, marar tausayi. Bahindiye kuwa baƙi ne, bawa. Don haka mawaƙin yana cewa zai miƙa manyan biranen ƙasar Turkawa guda biyu ga ɗan ƙaramin baƙin bawan da ke zaune a fuskar Baturke. In aka cire Bahindiye, an bar Baturke ba abokin hamayya, rabin wasan ya tafi. Saboda haka, a kowace fassara sai a ƙirga: nawa suka tsira daga takwas ɗin, nawa kuma mai fassara ya ƙaro daga aljihunsa?

Na biyu shi ne ƙarko, wato ko fassarar za ta karantu bayan shekara hamsin. Na uku sauƙin aiki. Na huɗu haɗari: ta wace fuska fassarar za ta iya yaudarar mai karatu ba tare da ya sani ba.

Kafin a shiga hanyoyin, akwai lissafin gaɓa da ya kamata a riƙe, domin kusan duk matsalar daga nan ta taso. Karin baitin shi ne hazaj, mafa'ilun sau huɗu a kowane ɗango: gajeriyar gaɓa ɗaya, dogaye uku. Gaɓa 16 ke nan a ɗango, 32 a baiti. Wanda ya karanci aruli a zaure ko a ajin rubutacciyar waƙa ba baƙo ba ne a nan, domin Hausa ma da tsawon gaɓa take auna waƙa, shi ya sa mawaƙanmu suka ari karuruwan Larabci suka zauna daidai. Turanci ba haka yake ba. Shi da ƙarfin furuci yake auna kari, gaɓa mai ƙarfi da marar ƙarfi, kuma karin da ya fi sabawa da shi ɗango ne mai gaɓa goma, marar ƙarfi sannan mai ƙarfi, sau biyar. Ɗango biyu, gaɓa 20. In kuwa aka faɗi ma'anar baitin Hafiz da Turanci kai tsaye, ba ragi ba ƙari, tana cin gaɓa 27 ko kusa da haka. To ga 27 a hannu, mazubi ɗaya na cin 20, ɗayan na cin 32. Wanda ya zaɓi ƙaramin dole ya zubar, wanda ya zaɓi babban dole ya yi ciko.

Hanya ta farko: zube, kalma da kalma, da sharhi

Nan ana ajiye kari da amsa-amo gaba ɗaya, a kawo ma'ana tsantsa, a bi ta da bayani. Wilberforce Clarke ya yi wa diwanin Hafiz haka a 1891, Reynold Nicholson kuma ya yi wa Masnawi, doguwar waƙar sufanci ta mawaƙi Rumi, tsakanin 1925 da 1940. Duk hotuna takwas suna iya tsira, kuma ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga wanda ya iya Farisanci sosai. Ta fuskar ƙarko ma ba ta da laifi: har yau ɗalibai na buɗe Nicholson, saboda ana iya aza yatsa a kan baiti a bi shi kalma kalma.

Haɗarinta yana cikin sharhin. Hafiz gwani ne wajen abin da masana ke kira ihami, wato a faɗi kalma mai fuska biyu a bar ta haka. Giya a bakinsa tana iya zama giya, tana iya zama shauƙin Ubangiji, kuma galibi ba ya raba gardamar. Clarke ya cika fassararsa da bayanan sufanci a cikin baka, yana gaya wa mai karatu cewa masoyi na nufin kaza, mai shayarwa na nufin kaza. Da zarar an yi haka an rufe ƙofa ɗaya daga cikin biyun da mawaƙi ya bari a buɗe. Alamar gane wannan ba ta da wuya: in bayanin da aka cusa cikin jimla ya fi jimlar tsawo, to tafsiri ake karantawa, ba fassara ba. Maganinsa shi ne a raba su, ma'ana a sama, sharhi a ƙasan shafi.

Hanya ta biyu: ɗango da ɗango, ba kari tsayayye, ba amsa-amo

Ana riƙe siffar baiti, ɗango biyu a madadin ɗango biyu, a bar Turanci ya ɗauki tsawon da yake bukata. Peter Avery da John Heath-Stubbs sun bi wannan hanya a 1952 da gazal talatin, Elizabeth Gray ma ta bi ta a 1995 da gazal hamsin. Ga yadda baitinmu zai iya fitowa in an bi ta:

*If that Turk of Shiraz would take my heart in hand,*
*for that Hindu mole I would give Samarkand and Bukhara.*

Gaɓa 12 da 15. Takwas cikin takwas sun tsira, ba a ƙaro komai ba, kuma Buhara ta zauna a ƙarshe inda Hafiz ya ajiye ta. Akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba. Farisanci ba ya bambanta shi da ita. Wakilin suna ɗaya ne, kuma *yash* ɗin da ke manne da *Hindu* yana iya zama nasa ko nata. Turanci, kamar Hausa, yana tilasta zaɓi. Mai fassarar da kari bai ɗaure shi ba yana da sararin da zai kauce, ya ce wancan ɗigon maimakon ɗigonsa ko ɗigonta, kamar yadda aka yi a sama. Wanda ke ƙirga gaɓa ba kullum yake samun wannan damar ba.

Abin da aka biya shi ne kiɗan. Gazal abar rerawa ce, mutanen Iran suna haddace ta ne saboda karin na jan harshe. Fassara irin wannan tana iya zama daidai ta kowace fuska amma ta kwanta shame-shame, mai karatu ya gama ya ce, wannan ne Hafiz ɗin da ake ta zuzutawa? Masu iya aikin suna rage asarar da dabaru ƙanana: su tsayar da adadin gaɓoɓi masu ƙarfi a kowane ɗango, biyar ko shida, ko da adadin sauran ya bambanta, su bar numfashi a tsakiyar ɗango, su sa kalma mai nauyi a ƙarshe.

Amma babban haɗarin wannan hanya ba rashin kiɗa ba ne. Sauƙinta ne. Tun da ba kari ba amsa-amo, ko wanda bai iya Farisanci ba yana iya ɗaukar tsohuwar fassara ya sake mata riga. Coleman Barks, wanda littafinsa na Rumi na 1995 ya yi kasuwa ƙwarai a Amurka, bai ɓoye cewa ba ya karanta Farisanci ba. Daga fassarorin wasu ya yi aiki, kuma masana sun sha nuna yadda ambaton Alƙur'ani da na Annabi ke raguwa a hannunsa. Na Daniel Ladinsky ya fi wannan nisa, domin masana Hafiz sun kasa gano asalin waƙoƙin da ya buga da sunan Hafiz a cikin diwaninsa. Gwajin mai saye guda ne: littafin ya ba da lambar gazal ko ɗangon farko da Farisanci, ya kuma faɗi bugun da ya dogara da shi, kamar na Ƙazwini da Gani na 1941 ko na Hanlari? In bai bayar ba, ba yadda za a bincika shi.

Hanya ta uku: karin Turanci da amsa-amon Turanci

Wannan ce hanyar da ta fi samar da waƙar da Bature zai ji a kunnensa a matsayin waƙa, kuma ita ce ta fi rarrabuwa tsakanin nasara da ɓarna. Abin da ke raba su shi ne irin waƙar da ake fassarawa.

In masnawi ce, wato doguwar waƙar labari ko koyarwa wadda kowane baiti ke da nasa amsa-amon, ɗango biyu su amsa juna sannan a sake, to an yi sa'a. Turanci yana da irin wannan siffa tun da daɗewa, ita mawaƙan Ingila Dryden da Pope suka yi suna da ita. Lissafin ma ya zo kusa: karin Masnawin Rumi ramal ne, fa'ilatun fa'ilatun fa'ilun, gaɓa 11 a ɗango, 22 a baiti, ga mazubin Turanci mai cin 20. Karin mutaƙarib na Shahnama, doguwar waƙar sarakunan Farisa ta Firdausi, shi ma gaɓa 11 ne. Kuma a waƙar labari hotuna ba sa cunkushewa a baiti guda, labarin ne ke ɗauke da nauyin, don haka in siffa ɗaya ta faɗi a nan ba a rushe gini ba. Shi ya sa fassarar da Afkham Darbandi da Dick Davis suka yi wa waƙar tsuntsaye ta Attar a 1984, da wadda Jawid Mojaddedi ya fara fitarwa ta Masnawi a 2004, duk suka tafi da baiti mai amsa-amo biyu-biyu, kuma suna karantuwa. Matsalar da ke fitowa a nan ta gajiya ce: a dubban baitoci, amsa-amo masu arha suna ta dawowa, kuma ana jin mai fassara na juya jimla baibai don kalmar da yake so ta faɗo ƙarshe.

In gazal ce, labari ya sha bamban. A gwada cusa ɗango na biyu na baitinmu a gaɓa goma. Samarkand uku, Buhara uku, harafin haɗa su ɗaya, bakwai sun tafi. Ɗigon Bahindiye a Turanci gaɓa uku ne. Goma ta cika, ba a ce zan ba da ba, ba a ce saboda ba. Dole wani abu ya fita, kuma kusan kullum Bahindiye ne ake kora.

Mafita ɗaya ita ce a faɗaɗa baitin. Gertrude Bell a 1897 ta mayar da shi ɗango uku, ta tsira da bakwai cikin takwas. Bahindiye ya fita, Baturken ya zama budurwa, kuma maimakon a yi magana a kansa sai aka koma magana da ita kai tsaye. Wannan farashi ne da za a iya jurewa, kuma har yau ana yaba fassararta. William Jones kuwa, a 1771, ya mayar da kowane baiti ɗango shida, gazal mai ɗango 18 ta koma 54. A baitin farko babu Baturke, babu Shiraz, babu zuciya, babu ɗigo, babu Bahindiye. Biranen biyu sun tsira, hannu ma ya tsira amma ya zama farin hannu mai kama da fure. A gurbin abin da ya fita sai ga wuya, ga runguma, ga jan kunci, ga zinariyar Buhara da duwatsu masu daraja na Samarkand. Uku cikin takwas, da ƙari kusan shida. Kamar mai tahamisi ne da ya ƙara nasa ɗangogin sannan ya goge na mai waƙar. Turawan zamaninsa sun so ta ƙwarai, amma yau ana karanta ta ne don a san ɗanɗanon Ingila na ƙarni na 18, ba don a san Hafiz ba. Ƙarkon wannan hanya ke nan: fassara mai amsa-amo tana ɗaukar ƙamshin zamaninta, kuma ita ce ke fara tsufa.

Hanya ta huɗu: a kwaikwayi siffar asali, amsa-amo guda har ƙarshe

Gazal amsa-amo ɗaya take bi daga farko har ƙarshe, ɗango biyu na baitin farko su amsa, sannan ɗango na biyu na kowane baiti. Gazal mai baiti tara tana bukatar kalmomi goma masu amsa juna. Ga mawaƙin Farisa, kamar ga mawaƙin Hausa mai babban amsa-amo, wannan ba abin tashin hankali ba ne, kalmomi masu ƙarewa iri ɗaya sun yi yawa. A gazal ɗin nan Hafiz ya jera Buhara, Musalla, Zulaiha, Surayya da sauransu, kowace kuma ya bi ta da *ra*, ƙaramin harafin da ke nuna abin da aiki ya faɗa wa. Wannan maimaicin shi ake kira radif. Turanci ba shi da harafi irin wannan, kuma matalauci ne wajen amsa-amo. Samun kalmomi goma masu amsa juna, kowace kuma ta dace da ma'anar baitinta, aiki ne mai cin rai.

Edward Browne ya gwada, ya ɗauki amsa-amonsa daga Samarkand:

*If that unkindly Shiraz Turk would take my heart within her hand,*
*I'd give Bukhara for the mole upon her cheek, or Samarqand!*

Gaɓa 16 a kowane ɗango, daidai da asali. Bakwai sun tsira. Amma a duba cikon da gaɓa 32 ta jawo: ya ƙara cewa Baturken marar kirki ne, ya ƙara kunci, ya yanke cewa mace ce. Mafi tsada shi ne ƙaramar kalmar da ke gaban Samarkand. Hafiz ya ce Samarkand da Buhara, duka biyun. Browne ya ce Buhara ko Samarkand. Kyautar ta ragu da rabi, alhali ƙarfin baitin yana cikin wuce gona da irin kyautar. Akwai tsohon labarin da ake bayarwa cewa Timur, sarkin da ya mallaki Samarkand da Buhara, ya tuhumi Hafiz kan yadda zai ba da biranensa biyu saboda ɗigo, shi kuwa ya amsa cewa irin wannan almubazzaranci ne ya jefa shi cikin talauci. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ba ya tsayuwa a kan fassarar Browne. Kuma wannan baitin sa'a ya yi, tun da kalmar hannu a Turanci tana amsa Samarkand ba tare da an nema ba. A baiti na biyu sai da ya juya jerin Ruknabad da Musalla, wurare biyu na Shiraz da Hafiz ya ambata, ya kawo kalmar gaɓar ruwa ya ajiye a ƙarshe don amon ya ci gaba.

Walter Leaf a 1898 ya ƙara matsa wa kansa, ya nemi ya kwaikwayi har da karin Farisancin. A wannan baiti ya samu gaɓa 16 ɗin, ya raba su huɗu-huɗu kamar mafa'ilun, amma hannu ya ɓace cikin wata tsohuwar kalmar shari'ar mallakar ƙasa, Bahindiye ya koma baƙi kawai, kyauta ta koma sadaki. Abin takaicin shi ne, bayan duk wannan wahala, kunnen Bature ba ya jin gajeriya ɗaya dogaye uku. Turanci ba ya son gaɓoɓi masu ƙarfi uku a jere, mai karatu zai sassauta ta tsakiya da kansa, karin ya koma wanda ya saba ji. An biya farashin hazaj, ba a karɓi hazaj ba.

| Hanya | Abin da ake biya | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Zube da sharhi | kari da amsa-amo duka | mai daɗewa | mai sauƙi ga masanin harshe | sharhi ya rufe ma'ana ta biyu |
| Ɗango da ɗango, ba amsa-amo | kiɗa | mai kyau | matsakaici | ta kwanta, ko a saka abin da ba na mawaƙi ba |
| Karin Turanci da amsa-amo | kaɗan a masnawi, da yawa a gazal | tana saurin tsufa | mai wuya | ragi da ciko |
| Amsa-amo guda irin na asali | daidaiton ma'ana | rauni | mafi wuya | tsofaffin kalmomi da juya jimla |

Wani abin da ya shafi aljihu: fassarorin Jones, Clarke, Bell, Leaf da Browne duk sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ana samun su kyauta a intanet. Sababbin kuwa sai an saya. Wannan ne ya sa wanda ya fara nema yakan faɗa kan tsofaffin, ya ɗauka haka Hafiz yake magana da Turancin kakanni.

Wa ya dace da wace

Ɗalibi ko mai bincike da zai kafa hujja da baiti, zube yake bukata, da matanin Farisanci a gefe da lambar gazal. Kada ya kafa hujja da fassara mai amsa-amo ko da ta fi daɗi, domin kalmar da zai dogara da ita tana iya zama ciko ce, kamar kuncin Browne.

Mai fassara masnawi, Rumi ne ko Attar ko Firdausi, in yana da kunnen karin Turanci, ya ɗauki baiti mai gaɓa goma-goma da amsa-amo biyu-biyu. In waƙar ta yi tsawon da zai gaji, akwai abin da Davis ya yi wa Shahnama a 2006: ya ba da labarin a zube, ya tashi zuwa waƙa a wuraren da abin ya yi zafi.

Mai fassara gazal don mai karatu na yau, hanya ta biyu ce ta fi masa, da sharaɗin ya rubuta jerin hotunan kowane baiti kafin ya fara, ya sake ƙirga su bayan ya gama. In gazal ɗin na da radif mai ma'ana, kalma ko jimlar da Turanci zai iya maimaitawa ba *ra* ba, to ya riƙe radif ɗin ya saki amsa-amon. Maimaici ba ya cin komai daga ma'ana, kuma yana dawo da wani ɓangare na kiɗan.

Wanda zai karanta a gaban taro ko a rera, yana bukatar kari da amo, kuma hanyar Bell ta fi ta Jones aminci: a ƙara ɗango ɗaya don hotuna su samu wuri, kada a ƙara hotuna don ɗangogi su cika. Amsa-amo guda har ƙarshe kuwa ya fi dacewa da aji, inda malami ke so ya nuna wa waɗanda ba su ji Farisanci ba yadda gazal ke tafiya. Gajeriyar gazal ɗaya mai baiti biyar ta isa wannan aiki, a ajiye fassarar zube kusa da ita.